Wumbei da Muryar Tinga

Wumbei bai taɓa dafa man kaɗanya ba, amma da yawa daga cikin matan unguwarmu a Tamale da hannunsa suke cin tuwo. Shi ne magatakardan ƙungiyarmu ta masu man kaɗanya. Ni kuwa magajiyar mata ce, shi ya sa nake da kujera a kwamiti, ko da yake da babban yatsa nake sa hannu.

Wumbei ɗan manomin doya ne daga wajen Kumbungu, siriri, mai ƙarancin magana, irin mutumin da in ya yi tari sai ya nemi gafara. Ya yi koyarwa a firamare kafin ya zo mana. Aikinsa kuwa, in an zauna taron kwamiti sai ya ajiye 'yar rakoda a tsakiyar tebur, mu yi ta surutu da yarenmu Dagbanci tun hantsi har azahar, wannan ta kawo ƙarar injin niƙa, waccan ta kawo ƙarar kishin maƙwabta. Bayan an watse ya sa abin a kunne, ya tace, ya fitar da shafi biyu na Turanci domin Turawan da ke ba mu tallafi: abin da aka yanke, wanda zai yi, da kuɗin da aka kashe. Magana yana yanke ta kamar mahauci. Na taɓa yin jawabi mai tsawo a kan tsadar itace, da aka karanta mini sai na ji wai "an tattauna batun makamashi". Amma lamba ba ya taɓa ta. Ba ya rubuta "wajen kaza" ko "kusan kaza", kuma sai ta dace da takardar banki.

Ma'ajinmu Tinga ne, Bamoshe, ƙato mai dariya kamar ana zuba duwatsu a garwa. Mosawa jikokinmu ne mu Dagombawa, wasa ne tsakaninmu, kuma Tinga ya mai da Wumbei gonarsa. Babur ɗaya suke hawa, kwano ɗaya suke cin wasawasa, dambun garin doya.

"Kaka, ka kunna akwatin gulmar taka?" haka Tinga yake buɗe kowane taro.

"Na kunna, ɗan jikan banza. Yi magana a hankali, Turawa ba sa jin jakanci."

A wurin Tinga kaɗai Wumbei yake da baki.

A taron ƙarshen rani Tinga ya kawo lissafin kashin farko na tallafi, sidi dubu sittin a kuɗin ƙasarmu. Sai an aika da rahoton wannan taro kafin wata ya ƙare za a sako kashi na biyu, wanda da shi muke sayen ƙwarar kaɗanya da zarar ta faɗo, kafin dillalai su ninka farashi. Ba a yi mako ba Tinga ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Aka yi sadaka, aka share hawaye, wata ya kama hanyar ƙarewa, rahoto shiru. Shugaban kwamiti mutum ne mai kunya, ya aika sau biyu aka ce masa ana kai. Mata suka fara zuwa ƙofata. Na ɗaura ɗankwali na tafi ofis.

Na tarar da Wumbei zaune, rakoda a gabansa a kashe, takardu a baje.

"Wumbei, kaza kake jira ta ƙyanƙyashe rahoton?"

"Mma Magajiya, lissafin ne bai haɗu ba. Takardar da Tinga ya bari ta ce an kashe dubu hamsin da bakwai da ɗari huɗu, saura dubu biyu da ɗari shida. Banki kuma ya ce saura dubu biyu da ɗari biyar da arba'in. Sidi sittin ba su da gida."

"Sittin? Ungo, in ba ka daga bakin zanena."

"Ba ɓata suka yi ba. Sai na faɗi layin da suka shiga. Ya gyara da bakinsa a taron, na tuna ya gyara, amma ban riƙe ba."

"To ai ga bakin nasa a gabanka. Kunna."

Ya murza biro. Can ya ce ya riga ya gwada, da ya ji "Kaka" sai ya kashe. Sannan ya faɗi abin da ya fi cin sa. Dokarmu ce, kuma tana cikin yarjejeniyarmu da masu tallafi, da zarar kwamiti ya amince da rubutun taro sai a goge muryar, saboda a ciki ana kiran sunayen matan da suka gaza biya, da cutar wance, da mijin wance. Mu muka nemi dokar da kanmu. Tinga kuwa ba ya aika saƙon murya, kira yake yi. Duk duniya nan kaɗai muryarsa ta rage.

"Ka kwafe a wayarka mana, wa zai sani?"

"Na sa hannu ba zan yi ba, Mma."

Na so in zage shi, bakina ya ƙi. Na jawo benci na zauna. Na ce masa mata ba za su dafa hawayensa su sayar ba, kuma da Tinga yana nan da ya ce Dagombawa ko makoki sai sun yi lalaci. Ya ɗan murmusa, ya kunna.

Muka ji kanmu. Ni ina faɗa a kan buhuna, shugaba yana ba da haƙuri, akuya tana kuka a waje. Wumbei yana tsayarwa, yana rubutu, yana komawa baya. Da aka zo lissafi sai ga Tinga ya cika ɗakin.

"Gyaran inji, dubu bakwai da ɗari biyu. A'a, tsaya. Kaka, buɗe kunnen nan naka na tsofaffi. Dubu bakwai da ɗari biyu da sittin. Kuɗin motar makaniki ne, rasit ɗin yana aljihun babur. In ka rubuta ba daidai ba, na sayar da kai in sayi goro."

Sai muryar Wumbei a ciki: "Wa zai sayi kakan Bamoshe?" Duk ɗakin aka bushe da dariya.

Wumbei na gabana bai yi dariya ba. Ya rubuta lambar, ya mai da baya, ya sake ji. Ya sake. Na san ba lambar yake tabbatarwa ba, na kau da kai ina gyaran zane. Daga nan ya hau keke ya je wajen matar Tinga, aka buɗe aljihun babur, ga rasit a naɗe cikin leda.

Washegari ya karanta mini rahoton yana juya shi da Dagbanci kafin shugaba ya sa hannu. An karɓa dubu sittin, an kashe dubu hamsin da bakwai da ɗari huɗu da sittin, saura dubu biyu da ɗari biyar da arba'in. Duk abin da ya rage na Tinga shi ne "ma'aji ya gabatar da lissafi", da layi ɗaya a ƙasa mai sanar da rasuwarsa.

Kuɗi suka iso da ruwan farko, muka sayi ƙwara da araha. A taro na gaba aka karanta rubutun, aka amince. Shugaba ya sunkuyar da kai. Wumbei ya ɗauki rakodar a gaban kowa ya danna ya goge muryar, ya juyo mana da fuskarta mu gani, ya mayar da ita tsakiyar tebur domin sabon taro.

Yana nan har yau, gashi ya fara fari. Kwanakin baya da azahar na gan shi da kwano shi kaɗai, ya ce, "Mma, ɗan zage ni mana." Na zage shi iyakar iyawata, har da kunnuwansa da kekensa. Ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya ce ba laifina ba ne, ni Badagomba ce irinsa, zagin sai Bamoshe.