Kafin Su Tashi

Shugabarmu a ƙaramar ƙungiyar kula da lafiyar dabbobi da na yi wa aiki a Kafanchan likitar dabbobi ce, 'yar wajen Zangon Kataf. Dakta muke ce mata. Ba ta zama. Yau tana wani ƙauye, gobe tana hanyar Kaduna, kuma daga cikin mota take tafiyar da mu, da saƙon murya a zaurenmu na waya. Za ka ji iska na kaɗawa, direba na hon, ita kuma tana cewa a duba firij ɗin nan, wani ya leƙa wajen mai gyaran babur, a kira mutanen nan na jiya. Kowa sai ya amsa da "to, Dakta", kowa kuma ya ɗauka da ɗan'uwansa ake. Da ta gaji da dawowa ta tarar ba a yi komai ba, sai ta ce ni da nake zaune a ofis in riƙa mayar da maganganunta aiki.

Yadda muka tsara, in saurari saƙo in tsinto abin da ake so a yi, in raba shi da abin da tunani kawai take yi a bayyane. Kowane aiki in rubuta mutum ɗaya da zai ɗauke shi, da ranar da zai gama, da abin da zai nuna an gama. Inda ba ta faɗi suna ko rana ba, in kawo shawara in sa alamar tambaya, in tura mata ita kaɗai. Sai ta amince nake sa shi a zaure. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya hana ni sakat a makon da nake son ba da labarinsa.

Kaka ta wuce, ana ta haƙar citta. Wata Litinin da hantsi saƙonta ya shigo, tana hanyar Kujama zuwa wani taro. Ta yi maganar takardun mota, ta yi maganar ƙanƙara, can wajen ƙarshe ta ce, da Hausarta da ba ta damu da namiji ko mace ba:

"Rugan Ardo ɗin nan, ya kamata a waiwaye shi da alluran huhu kafin su tashi."

Na maimaita saƙon har na haddace ƙarar ramin da motar ta faɗa a tsakiyarsa. "A waiwaye" ba aiki ɗaya ba ne. Sai an sanar da Ardo ya sa a tsare shanu da safe kada su fita kiwo, sai an tabbatar maganin da ke firij zai isa, sai an haɗa kula, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara, sannan a je a yi wa shanun allurar rigakafin ciwon huhun. "Kafin su tashi" kuma ba ranar da zan iya rubutawa ba ce. Na san suna gangarawa kudu da shanu in rani ya kama, amma yaushe? Na kira Dakta, layi bai shiga ba. Na rubuta mata tambayar, saƙon ya tsaya da alama ɗaya, bai isa gare ta ba.

Mutum biyu ke iya zuwa ruga. Akwai Malam, wanda Fulatanci ne harshen gidansu, akwai kuma Baba, dattijon mai allura da ya girmi mahaifina. Na tarar da Malam yana ɗaure kaya a babur, na tambaye shi ranar tashin. Ya ce bai sani ba, kuma tun da na fara wannan rubuce-rubucen duk inda Dakta ta ce "wani", sunansa ke fitowa. Ya zaro waya ya nuna mini, ayyukansa sun kai har Alhamis a wani ɓangaren daban. Gaskiya ya faɗa. Baba kuwa bai ɗago daga sirinjin da yake wankewa ba. Ya ce, "'Yata, in Dakta ta faɗa, zan ji." Na gane abin da yake nufi, na koma kujerata.

Na kasa zama. Na buɗe firij na duba kwalabe, na rufe, na sake kira. Daga ƙarshe na ɗauki mayafi na tari keke zuwa kasuwa, gefen da matan ruga ke ajiye ƙorensu. Akwai wata Inna da nake sayen kindirmo a wajenta, daga rugar Ardon take. Muka gaisa, na tsuguna, na tambaye ta. Ta ce an riga an fara ɗaure kaya. Manya sun ce bayan an sauko Juma'a za a yi sallama, Asabar da sassafe a kama hanya. Ta ba ni lambar ɗan Ardo daga wayar 'yarta.

Na dawo na rubuta abin a fili. Malam ya kira ɗan Ardo, zuwa Talata da azahar, ya sanar da mu amsar. Ni in tabbatar da magani da ƙanƙara, zuwa yammacin Laraba. Baba ya jagoranci allurar, Alhamis da safe, ya turo adadin shanun da aka yi wa. Na bar Juma'a saboda ko wani abu zai gitta. Kowane suna da alamar tambaya a gabansa. Na tura wa Dakta, sai ya je ya jeru ƙarƙashin saƙon farko.

Yatsana ya daɗe a kan wayar. In na sa a zaure ba da yawunta ba, na zama mai ba Baba umarni, kuma daga ranar ba wanda zai ƙara yarda cewa abin da na rubuta maganar Dakta ce. In na jira, Ardo ba zai sami sanarwa da wuri ba. Sai na yi abin da nake ganin bai fi ƙarfina ba. Na roƙi Malam ya yi kiran kawai, ya tambaya ko Alhamis za ta yiwu, kada ya yi alkawari. Ya yi tsaki a hankali, amma ya kira. Na yi nawa ɓangaren. Na Baba na bar shi a wayata.

Ranar Talata na yini ina leƙa allon waya. Ko a sallah hankalina na kan ƙararta. Sai bayan la'asar ta kira, ta ce ashe wayarta ce ta lalace a hanya, ta ari ta wani a wajen taron. Na karanta mata layi-layi. Sai ta ce ita a ranta tana ganin akwai sauran makonni kafin tashin. Ta amince da ranakun, amma ta cire wa Malam aikinsa na Alhamis ta mayar da shi mako mai zuwa, don ya raka Baba. Wannan ban isa in yi shi ba, ban ma tuna da shi ba. Ta kira Baba da kanta, sannan na sa a zaure.

Sun je ranar Alhamis. Da suka dawo da rana, takalmansu duk kashin shanu, Baba ya ce an yi wa waɗanda aka tarar, amma garke ɗaya na ƙanin Ardo ya riga ya yi gaba tun Laraba, don neman wurin sauka. Na tambaya ko da an sanar tun Litinin da tabbaci za su jira. Malam ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a.

Da Dakta ta dawo na faɗa mata ina son mu yi magana a kan ranakun da ba a samunta. Ta ce gaskiya ne, a zauna a duba wannan. Tana faɗa tana neman makullin mota. Na bi ta har bakin ƙofa ina tambayarta wa da wa, kuma yaushe.