Rigunan da na ce a ƙona

A shekarar da nake da shagon buga riguna a Fagge, 'yan kasuwar Sabon Gari suka ba ni aikin rigunan kallon wasannin Olamfik. Mai buga mini rubutu wani dattijo ne, Bayarabe haifaffen unguwar, muna ce masa Baba. Wata rana da na dawo daga unguwar Bata na tarar ya buga NGR a ƙirjin kowace riga.

Raina ya ɓaci. Duk wasan ƙwallon da na taɓa kallo, NGA ake rubuta wa Najeriya a kusurwar talabijin. Na yi masa faɗa a gaban maƙwabta, na ce a ƙona rigunan.

Baba ya ce, "Malam, hukumomi biyu ne, kowacce da nata jerin haruffan. Ta ƙwallon ƙafa tana sa mana NGA, ta Olamfik tana sa NGR. Ko ƙwallo aka buga a Olamfik, NGR za ka gani. NIG kuma na Nijar ne a duka biyun."

Na ce tsufa ne ke damunsa. Ya wanke hannunsa, ya ɗauki hularsa ya fita.

Ranar wasanmu na farko ina sanye da sabuwar rigar da na buga da kaina, mai NGA, sai ga NGR a talabijin kusa da tutarmu.

Sau biyu ina zuwa gidansa. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, amma bai sake taka shagona ba.