Awarwaron Inna da Baƙar Sarƙa

A shekarun da muka zauna a Samaru, kafin mulkin kai da kaɗan, matan layinmu sun ɗauke ni a matsayin wadda ta san zinariya. Mijina lebura ne a garejin gidan gona, muna zaune a ɗakunan ma'aikata, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Duk wadda dillaliya ta kawo wa ɗan kunne ko zobe, sai ta ce a dakata ta kai mini tukuna. Ba a biyana komai. Wani lokaci a bar mini goro, wani lokaci godiya kawai.

Abin da na sani a wurin Inna na koya, mahaifiyarmu, wadda ta yi dillanci a ƙuruciyarta. Za ki auna abin a tafin hannu ki ji nauyinsa, don zinariya ta fi kamarta nauyi. Ki murza shi da yatsu har ya yi ɗumi ki sansana, in tagulla ce za ki ji ƙarninta. Ki matsa masa lemun tsami ki bar shi ɗan lokaci, ki ga ko zai sake launi. Ki kifa farantin tangaran ki goga shi a gindin, wurin da ba santsi: in ya bar layi rawaya mai kyau, to, in ya bar baƙi ko toka-toka, a mayar wa mai shi. Sannan akwai shaidar fata, abin da ya baƙanta wuya ko ya sa yatsa ya yi kore, Inna ba ta ko kallonsa. Ni kuma na ƙara da nawa. Mijina ya kawo mini guntun maganaɗisu daga wani mataccen inji, duk abin da ya manne masa na san ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinariya. Wannan guntun ƙarfen ya ƙara mini kwarjini ƙwarai, don babu mai irinsa a layin.

Da Inna ta rasu, bayan sadakar arba'in, yayanmu namiji ya ce kayan jikinta mu biyu mata mu raba tsakaninmu, shi ya yafe. A mu biyun ni ce babba, sai ƙanwata da ke zaune a Hanwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Muka buɗe kwallar Inna. Ban da zannuwa da duwatsun wuya na tsakiya, abu biyu ne na a zo a gani. Akwai awarwaro guda biyu masu kauri, waɗanda wani falke ya kawo mata daga Gwanja tun muna yara, ba ta sa su sai da salla ko biki, ta cire ta naɗe a auduga. Akwai kuma wata siririyar sarƙa da ta dushe ta yi duhu, wadda matar wani Bature ta ba ta lokacin da ta yi musu aikatau. Inna ta daina sa ta tun da daɗewa, ta ce tana baƙanta mata wuya in ta yi gumi.

Na yi musu duk abin da na iya a gaban ƙanwata. Awarwaron suka cika mini hannu, ba ƙarni, lemun tsami bai taɓa su ba, suka bar layi rawaya a tangaran, maganaɗisu ya wuce su kamar ba ya ganinsu. Sarƙar kuwa ina kai maganaɗisu kusa da maƙullinta sai ta ɗago ta manne. Ban ma ɓata lemuna a kanta ba. Na ce wa ƙanwata ta ɗauki awarwaron duka biyu, ita ce mai marayu, ni zan riƙe sarƙar don tunawa da Inna. Ta yi kuka ta yi ta sa mini albarka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina a ranar, kuma na ji daɗi da labarin ya zaga dangi.

Shekara biyu bayan haka ta zo Samaru ta same ni ina surfe. Ta ce ta gaji da sana'ar ƙuli-ƙuli, ƙirjinta ba ya ɗaukar hayaƙi, tana so ta sayar da awarwaron ta sayi keken ɗinki. Wata Bayarabiya a Sabon Gari ta yarda ta koya mata. Ta ce in raka ta, don ni ce ba za a cuta ba. Mijina ya ba ni izini, ranar Asabar muka bi motar gidan gona da ke kai ma'aikata cefane. Na ƙulle sarƙar nan a bakin zanena, don maƙullinta ya saki, na ce ko a gyara mini da 'yan kwabbai.

Shagon maƙerin zinariyar yana bayan kasuwa, ɗan ƙaramin ɗaki mai zafi. Dattijo ne Bayarabe, da tabarau ɗaure da zare, Hausarsa ta nuna sai dai harshen. A gabansa akwai ƙaramin sikeli, da wani baƙin dutse sumul, da kwalabe biyu masu murfin gilashi. Ƙanwata ta warware audugar. Ya ɗora awarwaro ɗaya a sikeli, ya dube shi, ya sake duban sikelin, ya juya shi a hannu ya daɗe. Sai ya ce ba zai saya ba sai ya ɗan gurza shi ta ciki, inda ba a gani, in mun yarda.

Na ce masa ba sai an ɓata kaya ba, na riga na gwada su. Na lissafa masa duk abin da na yi, har da maganaɗisu. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba.

"Mama, duk abin da kika yi, fatar kika gwada," in ji shi. "Ni cikin nake saye."

Ƙanwata ta ce ya gurza. Ya ɗauki siririn magagari ya yi ɗan tsagi a cikin awarwaron, ya tsoma tsinken gilashi a kwalba ya ɗiga ɗigo ɗaya na asid, wani ruwa mai cin ƙarfe, a wurin. Nan take ya soma tafasa, ya yi kumfa kore shar. Ya share ya miƙo mana. Ko da ido ana ganin launin ciki daban ne da na waje. Ya yi wa na biyun haka, shi ma ya yi kore.

Ya yi mana bayani a hankali, da muryar wanda ya gaji da faɗin abu ɗaya. Tagulla ce aka lulluɓe da zinariya, lulluɓi mai kauri, aikin gwani. Lemun tsami a kan zinariyar ya zauna, bai kai ga tagullar ba. Hanci ma haka. Tangaran zinariyar saman ya kankaro, shi ya sa layin ya fito rawaya. Maganaɗisu kuwa ba ya kama tagulla, ba ya kama jan ƙarfe ko azurfa ko dalma, don haka in bai kama abu ba, abin da ya gaya miki kawai shi ne ba baƙin ƙarfe ba ne. Nauyi kuma hannu yana ruɗuwa da abu mai kauri. Ya ce da Inna tana sa su kullum da gefensu ya cinye mun gani da kanmu, ajiyar da ta yi musu ce ta rufa musu asiri. Abin da ya ce zai bayar a kansu bai kai kuɗin ƙafar keke ba.

Ƙanwata tana ta naɗe audugar tana warwarewa. Ni kuma don in sami abin yi da hannuna, na kwance bakin zane na miƙa masa sarƙar, na ce ga wannan ta banza a gyara mini maƙulli. Da na san abin da zai biyo baya, ban san ko zan fito da ita a gabanta ba. Na sha tambayar kaina wannan, kuma ba kullum amsar take yi mini daɗi ba.

Ya goge ta da tsumma, ya kai ta kusa da tabarau ya duba wata 'yar lamba a jikin maƙullin. Ya ce lamba ba shaida ba ce, ana buga ta ƙarya, sai ya goga sarƙar a baƙin dutsen, ya kuma ɗan gurza ɗaya daga cikin zobbanta ya ɗiga asid. Ba kumfa, ba kore, wurin ya ɗan yi ruwan ƙasa a hankali. Ya ce zinariya ce har ciki, mai ƙaramin daraja irin ta Turawa, wadda zinariyarta ba ta kai rabi ba, sauran jan ƙarfe da azurfa. Su ne ke sa ta dushe, su ne ke baƙanta wuyan mai gumi. Na ce to maganaɗisu fa? Ya buɗe maƙullin da allura ya nuna mini wata 'yar waya a nannaɗe, ta baƙin ƙarfe, wadda ke mayar da shi ya rufe. Ita ce ta manne.

Ƙanwata ta ɗago ta dube ni. Muryarta ba ta tashi ba.

"Yaya, kin sani?"

Na rantse mata ban sani ba. Ta ce ta ji. Na ce ta ɗauki sarƙar, tata ce, a sayar yanzu. Ta ƙi, na nace, har maƙerin ya juya baya yana gyara wutarsa don kada ya sa mana ido. A ƙarshe ta karɓa aka sayar. Sarƙar siririya ce, kuɗinta ya fi na awarwaron nesa, amma bai kai keke ba. Awarwaron ta ce ba za ta sayar ba, ta mayar da su cikin audugarsu.

Motar gidan gona ta riga ta tafi, sai muka taka. Rana ta take, muka yi ta tafiya har mararrabar Hanwa, inda ta ce in gaida yara ta juya. Ni na ƙarasa Samaru da la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Da dangi suka ji, wasu suka ce kuskure ne, wasu suka ce wadda ta san zinariya ba ta yin irin wannan kuskuren, kuma abin mamaki sai ya faɗa ta gefen da ya amfane ta. Ita ƙanwata ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Ban kuma taɓa jin ta kare ni ba.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne matan layi. Na zauna ina tuna duk abin da na taɓa cewa a saya da wanda na ce a mayar, na rasa nawa ne na faɗa daidai. Na gaya musu abin da ya faru, na ce daga yau iyakata in ce wannan ƙarfe ne in ya manne gaba ɗaya, ko wannan tagulla ce in ta yi kore, amma ba zan ƙara cewa wannan zinariya ce ba, sai su je Sabon Gari a gurza. Ba wadda ta so. Sabon Gari da nisa, maƙeri yana karɓar ladansa, kuma dillaliya ba ta yarda a yi wa kayanta tsagi kafin a saya. Matar wani kuku ta ce in dai duba mata kawai, ko ba tabbas, hankalinta ya kwanta. Da na ƙi, aka ce na soma girman kai. Ba a daɗe ba suka koma wurin wata a layin baya, wadda ke gwadawa da haƙori.

Ƙanwata ta ci gaba da ƙuli-ƙuli da tarinta har damina biyu, sannan ta haɗa abin da ta tara da kuɗin sarƙar ta sayi tsohon keke na hannu. Ta iya ɗinki sosai. Da salla takan aiko wa 'ya'yana riguna, in na je Hanwa ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo fura, mu yi hirar yara da tsadar gero, ina zaune tana juya keken, har lokacin tafiyata ya yi.