Na Amsa Wa 'Yata Tambayar da Ban Yi Mata Ba

Assalamu alaikum Edita. Ni uwa ce mai 'ya'ya shida, a cikin birnin Kano aka haife ni, a nan aka yi mini aure, a wani lungu kusa da Ƙofar Nassarawa. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da na haifi na huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in an ga gyara a rubutuna a yi mini afuwa. A lokacin da abin nan ya faru, ni ce matar da ake kawo wa ƙara a unguwa. Ba ni da hayaniya, kuma mutane suna cewa ina da lura. Ni ma na yarda da hakan, har na ɗauka in na kalli fuskar mutum na gama karanta cikinsa.

'Yata ta fari ce abin ya shafa. Wanda ya tashi a cikin gari ya san yadda muke da 'ya'yan fari. Ba na kiran sunanta, a hannun kakarta ta girma, ko da ta dawo gabana ba mu saba zama mu yi hira mai tsawo ba. Sai dai in aika mata magana ta bakin ƙannenta. Ta yi aure da wani maɗinki, mutumin kirki, suka yi shekara tara da 'ya'ya biyu. Ciwon kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Ta yi takabarta a ɗakinta, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba lalle ba turare, sannan ta dawo gida da yaran. Ranar da ta fita takaba aka yi sadaka, mata suka yi ta ce mata to sai a share hawaye, Allah ya kawo wani nagari. Ni ma a raina na ɗauka tunda kwanakin sun cika, zuciya ma ta kusa cika nata.

Bayan kamar wata bakwai masu nema suka fara sallama. Biyu ne suka tsaya da gaske. Na farko malamin firamare ne daga wajen Ƙofar Na'isa, shi ma matarsa ta rasu ta bar masa yara uku ƙanana. Yayarsa ce ta fara zuwa ta gabatar da shi, dattijuwa mai fara'a. Na biyu wani Alhaji ne mai shagon atamfa, abokin ƙanin mahaifinta. Mahaifin nata ya riga mu gidan gaskiya, don haka ƙaninsa ne waliyyinta, kuma shi ya ce a bar ta ta ga kowa ta zaɓa, ai ba yarinya ba ce.

Ga abin da idona ya gani. In Alhaji ya zo, yadda take haka za ta zura hijabi ta fita zaure, wani lokaci da ƙullin ɗanwake a hannunta. Ina jiyo dariyarta daga tsakar gida. Ta dawo ta ajiye ledar da ya kawo, ta ce wa ƙannenta ga tsarabar Alhajinku nan, kowa ya ɗiba. Shi kuwa Malam, ranar Juma'a bayan la'asar yake zuwa, kuma tun daga azahar take rasa sukuni. Sai ya yi sallama sau biyu kafin ta fita. Ba ta daɗewa. In ta dawo ta shige ɗaki ta ja labule, wani lokaci in ji shessheƙa. Na auna a raina na ce wannan ai a fili yake: inda ake dariya nan ake so, inda ake kuka nan ake ƙi.

Akwai abubuwan da na gani amma ban ba su muhimmanci ba. Wata Juma'a na hango ta ta ɗauki kwalli ta zizara, ta tsaya tana kallon madubi, sai ta sa bakin zani ta goge. Wata rana muna tsince shinkafa, ba wanda ya kawo zancensa, ta tambayi ƙanwarta wai ko wa ke yi wa 'yar autar Malam kitso. Alhaji kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar komai a kansa ba. Da ya yi tafiya ya yi mako uku bai zo ba, sai da ƙanwarta ta tuna mata. Ta ce au, ashe bai zo ba.

Sai wata Juma'a Malam ya kawo mata sabulu da man shafawa da wata 'yar ƙaramar kwalbar turare. Tana shiga ɗaki ta buɗe, sai ga ta ta fito, ta miƙo mini kwalbar ba ta ko kalle ni ba, ta ce Inna a fitar mata da wannan, a mayar masa. Ban tambaye ta dalili ba. A al'adarmu mayar wa manemi kayansa magana ce cikakkiya, kowa ya san ma'anarta. Na tattara duk abin da ya taɓa kawowa, na same su a ƙasan akwatinta a naɗe cikin ɗankwali, ko ɗaya ba ta ba kowa ba. Har na ce a raina ka ga, ko taɓa kayansa ba ta son yi.

Washegari na sa mayafi na tafi gidan yayarsa da kaina. Ta karɓe ni da ruwa da goro, tana tsokanata wai surukai sun fara sintiri tun ba a sa rana ba. Da ta ga ƙullin kayan sai ta daina tsokanar. Ta ce Hajiya, ɗan'uwana ya gaya mini yarinyar nan in suna magana sai ta yi nisa, ta sunkuyar da kai. Ya ce ya san irin wannan shirun, don shi ma ya yi shekara in ya yi dariya sai ya ji kamar ya ci amanar mai rasuwa. Ta ce ya ce in lokaci take so, ko shekara ce zai jira, zai ma rage zuwa don kada ya takura ta. Abu ɗaya yake son sani, shi ne ba ta so, ko auren ne bai kwanta mata ba tukuna. Edita, a nan na yi kuskuren da har yau nake neman gafarar Allah a kansa. Maimakon in ce bari in je in tambayo, sai na ce shi ne ba ta so, ya yi haƙuri ya nemi wata. Na faɗa a hankali, da ladabi, har ina ganin na kyauta da ban ɓata masa lokaci ba.

Malam bai sake zuwa ba. Juma'a ta farko na ga 'yata ta share zaure da kanta ta shimfiɗa tabarma. Har aka kira magariba ba sallama. Ta naɗe tabarmar ta shigo. Juma'a ta biyu ma haka. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ce mata komai ba. Ta ɗauka shi ne ya gaji da ita.

Ni kuma na ci gaba da gaya wa baffanta cewa hankalinta yana wajen Alhaji. Da mutanensa suka nemi a tsayar da magana, baffan ya zo gidan ya sa aka kira ta. Ya ce a shari'a budurwa ce ake karɓar shirunta, wadda ta taɓa aure sai ta faɗa da bakinta, don haka ta faɗa. Ta durƙusa ta ce Baffa, Alhaji mutumin kirki ne, amma ita ba ta taɓa jin za ta iya zama da shi ba, tana fita ne don girman Baffa. Baffan ya juyo ya kalle ni, ya ce yaya haka, ke da kika ce an gama.

Ranar ce na ajiye kunyar 'yar fari a karo na farko. Na bi ta ɗaki na zauna a bakin gadonta. Na ce to in ba Alhaji ba, wa. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce wanda take ganin za ta iya, ai ya daina zuwa. Na ce ba ke kika ce a mayar masa da kaya ba? Ta ce turaren kaɗai ta ce, don irinsa ne baban yaran yake shafawa ranar Juma'a, tana buɗewa ta ji kamar ya shigo ɗakin ya same ta da kyautar wani. Ta ce hira da Alhaji ba ta yi mata nauyi don ba ta taɓa komai a zuciyarta. Amma duk ranar da ta ji daɗin maganar Malam, sai ta dawo ta ga 'ya'yanta, ta ga kamar ta yi saurin mantawa, shi ne take kuka. Ta ce da an ƙara mata ko wata shida ne. Na buɗe baki na gaya mata abin da na je na faɗa da sunanta. Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta ce Inna, da kin tambaye ni.

Na koma gidan yayar Malam da safe. Ta ji ni har ƙarshe, ta ce Allah sarki Hajiya, an ɗaura masa aure sati biyu da suka wuce, yaran ba mai kula da su, kuma shi mai ƙaramin ƙarfi ne. Ta raka ni har bakin lungu tana ba ni haƙuri, ita da ya kamata a ba haƙuri.

Yau shekara uku ke nan. 'Yata tana gabana, tana saƙa huluna tana riƙe yaranta. Ta koma sa kwalli. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma na san aure nufin Allah ne, abin da ba rabonka ba ba za ka ci ba. Amma wannan bai wanke ni ba, don ni na yi magana a inda ba a aike ni ba. Abin da na fahimta a makare shi ne, mai baƙin ciki tana gaba tana baya, tana adana abin da aka ba ta, tana tambaya a kaikaice, kuma abin da take cewa shi ne ba yanzu ba. Wadda ba ta so kuwa hankalinta kwance yake, yau da gobe duk ɗaya, ko an zo ko ba a zo ba. Duk da haka ba na ba kowa shawarar ya dogara da alamu, ni da alamun suka kayar.

Iyaye mata 'yan'uwana, da masu kai saƙon aure, takaba tana da kwanaki ƙidayayyu amma zuciya ba ta bin lissafinmu. Kada ku matsa wa bazawara, kuma kada ku amsa a madadinta. Ku zauna da ita ku tambaya, ko da 'yar fari ce. Watan jiya wani ya fara sallama a ƙofar gidanmu, yayarsa ta tare ni a gidan suna tana son jin inda aka kwana. Na ce mata ban sani ba, sai na tambaya.