Kiran Baffa a tsakiyar intabiyu

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a firamare a Kebbe kafin a kira ni intabiyu na wani aikin duba makarantu. Ta kwamfuta za a yi, kuma sun gargaɗe mu: dole fuskarka ta tsaya a allo har a gama, in ta yawaita ɓacewa sai su wuce ga na gaba.

Kyamarar tsohuwar kwamfutata ta daɗe da mutuwa. Na hau babur na sha ramuka har Tambuwal, wajen wani tsohon ɗan ajinmu mai shagon buga takardu. Shi ya ce wayata ma za ta yi aikin. Ya sa manhaja ɗaya a wayar, ya sa 'yar'uwarta a kwamfutar, muka jona da igiyar da na sayo a kasuwa. Shiru. Muka shiga saitin waya muka buɗe izinin da ake buɗewa, har yanzu kwamfuta ba ta san da zaman wayar ba. Ashe igiyar ta caji ce kawai, ba ta ɗaukar bayanai. Tasa kuma bakinta bai shiga wayata ba.

Sai muka koma haɗi ba igiya. Shagon babu intanet, don haka wayar ce ke ba kwamfuta data, ita ce kuma kyamara. Muka jingina ta da rim ɗin takarda. Hoton yana tafiya da jinkiri, in na gama magana sai bakina ya biyo baya, wayar kuma ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Tun kafin a fara na gaji.

Ina cikin amsa tambaya ta biyu wayar ta yi ƙara. Baffana ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Kira na shigowa data ta yanke, fuskata ta daskare. Ba halin in kashe layin, don ta nan intanet ke zuwa. Ban taɓa katse kiran Baffa ba a rayuwata, amma ranar na katse, kunya kamar ta kashe ni. Hoto ya dawo, na ba da haƙuri. Ya sake kira. Baffa bai san a katse ba, shi dai a ganinsa layi ne ya lalace. A karo na uku matar da ke shugabantar zaman ta ce sun gode, za su ga na gaba.

Da ya kira na huɗu na ɗauka, tunda ba sauran abin karewa.

"Ɗana, sau fuɗu nika kiranka," in ji shi. "So nika yi in yi ma addu'a kahin ka shiga wurin mutanen nan."

Ya yi ta addu'a, doguwa, Allah ya ɗora ni a kansu, ya sa su ji maganata. Ina zaune ina kallon baƙin allo, ina cewa amin.