Albashin Malam da injin ban ruwa

Abu na farko da aka koya mini a ƙaramin bankinmu na Illela shi ne kada in amince da takardar albashi ita kaɗai. Sai in ajiye ta kusa da takardar da ke nuna shige da ficen kuɗi a asusun mutum, in bi wata-wata. Abin da ya rage a ƙasan takardar albashi bayan an cire haraji da fansho, shi ya kamata ya faɗa asusu. Ni kuwa akwai ni da ƙwaƙwa, har abokan aiki na min tsiya wai ko tsohuwata ta zo sai na nemi takardunta.

Sai ga malamin da ya koya mini lissafi a firamare ya zo neman rance. Injin ban ruwa yake so don gonarsa ta albasa a wajen Amarawa, ga lokacin dashe ya matso. Na miƙe na ba shi kujerata, ya ƙi, ya ce layi ya biyo kamar kowa.

Takardar albashin da ya kawo ta watan Maris ce, dubu tamanin da huɗu a ƙasa. A asusu ma haka ya shiga a Maris. Amma daga Afrilu dubu sittin ke faɗowa, wata biyar a jere. Wallahi sai da na lissafa sau uku, ina fatan ni na yi kuskure.

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, dubu ashirin da huɗu fa?"

Ya ce, "Mi ka gani, ɗana?"

Na juya masa takardun. Ya duba, sannan ya faɗa mini. Wani abokin aikinsa ya ci bashi a ƙungiyar malamai, shi ya tsaya masa. Mutumin ya rasu ya bar mata da yara huɗu. Da a je ana buga mata ƙofa tana takaba, ya ce a riƙa cirewa daga albashinsa tun kafin ya shigo. Sababbin takardun na nuna cirewar, shi ya sa ya ɗauko tsohuwa.

Dokarmu ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa da gaske. Da albashin Maris kason dubu ashirin da takwas ne, yanzu ya koma ashirin, rancen da zai samu ba zai sayi injin ba. Na ji haushin dokar, amma na san in na rufe ido tukunyar gidansa ce za ta biya.

Ya karɓi birona, ya bi lissafin layi-layi kamar yadda yake bin littattafanmu, ya sa alamar daidai a ƙasa, ya miƙo mini. Shekarar nan bai dasa albasa ba.