Jan da ya fito a gonar raken Kawu

Shekarun ƙarshe na zamanin Turawa ina aiki da ofishin binciken ƙasa da duwatsu, ni ne mai rarraba wa leburori layi. Ba haƙar ma'adini muke yi ba, ƙasa kawai muke ɗiba mu gwada, mu ji ko akwai wani abu kwance a ƙarƙashinta. Mutanen ƙauye dai ba su taɓa yarda ba. A Paki har wata tsohuwa ta tambaye ni ko ƙasar Ingila ce ta ƙare.

Baturen da nake ƙarƙashinsa dogo ne, ba ya son surutu, ni kuwa Allah ya yi ni da baki. A sansaninmu na Makarfi ya koya mini tsarin. Da farko a ja babban layi ɗaya bisa yadda duwatsun wurin suka miƙe, sannan ƙananan layuka su ratsa shi a gicciye, domin in akwai jijiyar ma'adini dole wani layi ya tsallaka ta. Tsakanin layi da layi ƙafa dubu, a kan layi kuwa duk ƙafa ɗari a ɗibi ƙasa. In ka buɗa tazarar da yawa siririyar jijiya ta sulale ba ka gani ba, in ka matse ta ka shekara a gona ɗaya. Ba ƙasar sama ake ɗiba ba, mai taki da toka. Sai an wuce ta an kai ga ta ƙasa mai ɗan yumɓu, a zuba a jakar takarda mai lamba. A sansani a shanya jakar yadda take, a tankaɗe, a zuba wani koren ruwan magani a girgiza. In ya zauna kore, ba labari. In ya koma ja, akwai ma'adinin tutiya ko danginta.

Wallahi na so aikin nan. Safiya, raɓa, ga dawa ta fara nuna, ga Fulani suna miƙo mana nono a bakin layi.

Ƙarshen damina layi ya kai mu Gazara, garin ƙanen mahaifiyata. Layin ya sauko daga jigawa ya ratsa fadamar Kawu, inda rakensa ya fi mutum tsayi. Raken nan shi ne shekararsa gaba ɗaya, da shi zai yi mazarƙwaila in rani ya shigo. Ranar ruwa ya kama mu, rafi ya cika, na bar buhun jakunkunan a zauren Kawu, sai da ruwa ya janye na aika aka ɗauko.

Da aka gwada, na duba kwalba ta farko. Ja! Ta biyu ja, ta uku ja, haka har ƙarshen na ranar.

Bature bai yi murna ba. Ya shimfiɗa taswira ya ce in duba: layin arewa kore, layin kudu kore, jan ya bi layi ɗaya tak, ya fara a jar ƙasar jigawa ya shige baƙar ƙasar fadama ba tare da ya canja ƙarfi ba. Ya ce jijiyar gaskiya takan leƙa a layin maƙwabta, takan yi ƙarfi a tsakiya ta dushe a gefe. Wannan bai gamsar da shi ba, amma ba a watsar da ja haka nan. Za a sake ɗiba, layuka ƙafa ɗari biyu tsakani, ɗiba duk ƙafa hamsin. In jan ya dawo, za a yanka ramuka masu tsawo har dutse, ta tsakiyar raken, kafin kaka ta wuce.

Na ce, “Ranka ya daɗe, gonar kawuna ce fa.”

Ya ce ya sani, amma ƙasa ba ta sani ba. Na fita ina huci, na je na sauke fushina a kan direbanmu, bawan Allah bai yi mini komai ba.

Ni da hannuna na kafa turakun alamar sababbin layukan a fadamar. Kawu yana tsaye a kan kunya, hannu a baya.

“Ɗan nan, in sun tona, raken fa?”

“Kawu, ba a kai nan ba tukuna.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.”

Na ci gaba da buga turke. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ya juya. Na ji kunya ƙwarai, don a gidan nan na yi ƙuruciya.

Da azahar na shiga gida cin abinci da buhun sabuwar ɗibar a kafaɗa. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta taɓa buhun ta ji danshi.

“Kai dai ba ka da kula. Kawo in shanya maka kamar na wancan karon.”

Na ajiye cokali. “Inna, wane karon?”

“Au, ba ka ma lura ba? Ƙasar da ka bari a zaure, jiƙe sharkaf, takardun har sun fara yagewa. Ɗaya bayan ɗaya na juye, na baza, na mayar da kowace jakarta, ko ɗaya ban haɗa ba. Ko sannu ba ka ce mini ba.”

“A kan me kika baza?”

Ta nuna bayan rumbu. Wani tsohon fallen kwanon rufi ne da Kawu ya samo a Zariya, a kansa take shanya barkono da kuɓewa don ya fi tabarma ɗaukar zafi. Duk ya yi fari-fari da wani gari. Kwanon rufi kuwa da tutiya ake shafe shi don kada ya yi tsatsa.

“Inna! Da me kika kwashe?”

“Da sakaina mana, na kankare tas, kada in rage maka ko ƙwaya.”

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, har da hawaye. Ta ce in ba hauka ba me ya kawo dariya a kan abinci.

Na kai wa Bature labari, washegari ya zo da akwatin kwalabensa har tsakar gida, bayan Kawu ya ba da izini. Ya ɗebi ƙasa daga wani layi da muka san kore ne, ya jiƙa, ya raba biyu. Rabi ya bar a takarda, rabi ya roƙi Inna ta yi masa yadda ta yi. Ta baza, rana ta busar, ta kankare da sakainarta tana harararmu. Na takarda ya zauna kore. Na kwano ya koma ja wur.

Duk da haka bai ce a cire turaku ba sai da aka gwada sabuwar ɗibar kaf. Haka tsarin yake, ko da yake a lokacin na ji kamar in shaƙe shi. Layi bayan layi kore, ban da wani ɗan sofanen ja a baƙar ƙasar fadama, wanda ya ce laka mai ruɓaɓɓen ganye takan riƙe ƙarfe kaɗan ko'ina, ba abin tono ba ne.

Na hau keke na tafi Gazara. Na tarar da Kawu a cikin raken yana ɓare busasshen ganye, bai ko ɗago ba.

“Kawu, na zo cire turaku.”

Ya tsaya. “Duka?”

“Duka. Ba za a tona ba.”

Ya riƙe karan rake ɗaya, ya zauna a ƙasa a hankali, ya rufe fuska da hularsa. Na bar shi na fara tumɓukewa. Ina kan na ƙarshe na ji muryarsa a bayana, a dishe.

“Kada ka gaya wa Innarka saura kaɗan ta ja mana. Ita dai gyara maka ta yi.”

Ban gaya mata ba. Har ta bar duniya tana ba jikoki labarin yadda Bature ya zo har gida ya koyi shanya a wurinta.